Ka Gan Ni Ina Zubawa?

A watan Disamba na 2023, sanyin hunturu ya tayar wa mahaifiyata da tari mai naci, ta ce a nemo mata zuma mai kyau. Na saya mata lita ɗaya a kan naira 9,000 a hannun wata baiwar Allah da ke tallar kayanta a wani zauren saye da sayarwa na Fesbuk, wanda mutanen Kano da yawa suke cikinsa. Zumar ta iso tana zuba kamar mai, ga ƙamshi. Muka ajiye robar a ƙasan gado, a ɗakin da rana ba ta shiga. Bayan mako uku na ɗauko ta, sai na tarar rabinta na ƙasa ya daskare ya yi fari-fari. Na ɗeba da cokali na murza a yatsa, na ji tsaki-tsaki kamar na sukari.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin daga ɗan abin da na tara na alawus ɗin hidimar ƙasa suka fito, kuma marar lafiya na saya wa. A daren na koma zauren na rubuta a ƙarƙashin tallarta: “Jama’a ku kula. Wannan matar zumar jabu take sayarwa. Sukari suke narkawa su haɗa, su cuci bayin Allah. Macuta ne.” Na ɗora hoton robar, na kwanta ina jin na sauke nauyin al’umma. Kafin gari ya waye mutum fiye da arba’in sun yaɗa rubutun.

Kwana biyu bayan haka ta kira ni. Muryar dattijuwa ce, ta kai sa’ar mahaifiyata. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, sannan ta ce, “Ɗana, tambaya ɗaya na kira in yi maka. Ka gan ni ina zubawa?”

Na ce, “Hajiya, ai ga shi nan a ƙasan roba, kowa ya gani.”

Ta ce, “Abin da ke ƙasan roba ka gani. Ni kuwa cewa ka yi ina narka sukari. Shi nake tambaya, ka gan ni?”

Na yi shiru. Ta gaya mini cewa wani kanti da take kai wa kaya ya mayar mata da katan biyu, kuma ƙaninta yana ta matsa mata a nemi lauya, ita ce ta hana. Ta ce in sa robar a ruwan ɗumi in ga abin da zai faru. Na sa, cikin awa guda zumar ta narke ta koma yadda ta zo.

Tambayar wannan dattijuwa ita ce maudu’in rubutun nan. Mai saye da ya ji an ƙware shi yana da haƙƙin ya faɗa wa duniya, kuma sauran masu saye suna buƙatar ya faɗa. Amma tsakanin faɗin abin da ya same ka da yanke wa wani hukunci akwai iyaka, wadda galibinmu muke tsallakewa a cikin jimla ɗaya ba tare da mun lura ba. Ina so in nuna inda iyakar take, dalilin da ya sa doka da ɗabi’a suka haɗu a kanta, da kuma inda kiyaye ta kaɗai ba ya isa ya kare mutum.

Bari in fara da lissafa abin da na sani a daren da na yi rubutun. Na san ranar da na saya da kuɗin da na biya. Na san zumar ta daskare cikin mako uku, kuma na ji tsaki a yatsana. Iyakar sanina ke nan. Sauran duk hasashe ne na ɗora a kai: cewa daskarewa alamar sukari ce, cewa da hannu aka zuba shi, cewa ita ce ta zuba ba wanda ya sayar mata ba, cewa da gangan ta yi, kuma cewa haka take yi wa kowa. Matakai biyar ke nan, kowanne yana tsaye a kan na ƙasansa, kuma na farkon ma ruɓaɓɓe ne.

Zuma ta gaskiya tana daskarewa. Mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne iri biyu na halitta, gulukos da furuktos, a cikin ruwa ɗan kaɗan. Gulukos ba ya jure zama a narke kamar ɗan’uwansa, don haka da tafiya ta yi tafiya sai ya ware ya zama ƙananan ƙwayoyi. Zumar da gulukos ya yi yawa a cikinta ta fi saurin yin haka, ya danganta da furen da ƙudan zuma suka tsotsa. Wadda ba a tace sosai ba ma tana saurin daskarewa, saboda ɓurɓushin saƙa da ƙurar fure suna zama matattarar da ƙwayoyin ke taruwa a kai. Abin ya fi sauri idan sanyi ya kai wajen digiri 14, wanda kusan shi ne sanyin daren Kano a tsakiyar hunturu. Ashe ƙasan gadon mahaifiyata shi ne wurin da ya fi dacewa zuma ta sandare a duk gidanmu.

Wannan ba ya nufin babu zumar algus a kasuwa. Akwai ta, kuma gano ta aikin ɗakin gwaji ne. Ƙa’idar abinci ta duniya da ake kira Kodeks ta ce a yawancin nau’o’in zuma ruwa kada ya wuce kashi 20 cikin 100, sukari irin na rake kuma kada ya wuce giram 5 a cikin giram 100. Akwai gwajin da ke bambance sukarin da ya fito daga rake ko masara da wanda ya fito daga furanni. Dabarun da muka gada, irin su tsoma ashana a kunna ko ɗiga zuma a ruwa a ga ko za ta nutse, ba sa rarrabe komai da tabbaci, domin kauri da yawan ruwa kawai suke nunawa. Ni ko waɗannan ɗin ma ban yi ba. Yatsa biyu na murza, na fito na ce wa dubban mutane mace macuciya ce.

Da yake harshe na karanta a jami’a, daga baya na zauna na feɗe rubutun nawa kamar yadda aka koya mana feɗe jimla, sai na ga nahawu kansa yana tona asirin laifin. A duk rubutun babu jimla ɗaya da ta fara da “na”. Wakilin sunan da na yi amfani da shi na wanda ake magana a kansa ne: “take”, “suke”, “su”. Mai cewa “na saya”, “na buɗe”, “na tarar” yana ba da labarin abin da yake wurin lokacin da ya faru, shi ne shaidar farko a kansa. Mai cewa “suna narkawa” ya shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba, yana ba da labarin abin da ake yi a ciki. Sigar lokacin ma ta ƙara wa abin nauyi. Da na ce “ta sayar mini”, da magana ta tsaya a kan roba ɗaya da rana ɗaya. Da na ce “take sayarwa”, sai na mayar da abin sana’arta ta kullum, jiya da yau da gobe. Kalmar ƙarshe kuwa, “macuta”, ta bar zuma gaba ɗaya ta koma kan zuciya, domin cuta sai da niyya, niyya kuwa ba a murza ta a yatsa.

Daga nan na fahimci cewa duk sharhin mai saye yana iya ɗaukar magana iri uku. Akwai labari, kamar a ce kaya ya zo bayan kwana goma alhali an yi alkawarin kwana uku. Akwai ra’ayi, kamar a ce abincin ya yi gishiri ko kuɗin ya yi yawa. Sannan akwai tuhuma, wato a jingina wa mutum wani aiki na ɓoye ko mugun nufi: ya yi algus, ya saci kayan gyara, takardarsa ta bogi ce, yana kashe mutane. Labari ana iya tabbatar da shi da rasit da hoto. Ra’ayi ba ya buƙatar tabbatarwa, domin harshen kowa nasa ne. Tuhuma ita ce mai kama da labari a siga, amma mai faɗarta ba shi da rasit ɗinta.

Dokar ɓata suna da Nijeriya ta gada daga Ingila a kan wannan rarrabewa ta ginu, kuma akwai wani abu a cikinta da yawancin masu rubuta sharhi ba su sani ba. Idan aka kai ka ƙara ana neman diyya, abin da mai ƙara zai nuna uku ne: cewa maganar ta kai ga wani mutum ban da shi, cewa shi ake nufi ko da ba a ambaci sunansa ba, kuma cewa maganar tana zubar da mutuncinsa a idon mutane masu hankali. Ba a neman ya tabbatar cewa ƙarya ka yi. Doka tana ɗaukar maganar a matsayin ƙarya har sai kai ka kawo hujjar gaskiyarta. Idan kuma a rubuce take, ba sai ya nuna ya yi asarar ko kwabo ba kafin kotu ta saurare shi. Da ƙanin Hajiya ya yi nasarar shawo kanta, da ni za a ce in kawo sakamakon gwaji da shaidar da ta gan ta a bakin tukunya, ba ita za a ce ta wanke zumarta ba.

Kariya biyu ce ta fi shafar mai sharhi. Ta farko ita ce gaskiya: ka tabbatar da cewa ainihin abin da ka faɗa haka yake. Ta biyu ita ce sharhi na adalci, wato ka nuna cewa ra’ayi ka bayar a kan abin da ya shafi jama’a, ka gina shi a kan abubuwan da suka faru da gaske, kuma ba ƙeta ce ta sa ka ba. Wanda ya tsaya a kan labari yana da kariya ta farko a aljihunsa. Wanda ya ba da labari sannan ya ɗora ra’ayinsa a kai yana da ta biyu. Mai tuhuma ya faɗa tsakanin biyun: ba zai iya tabbatarwa ba, kuma ba zai iya cewa ra’ayi ne ba. A Arewa abin bai tsaya ga diyya ba. Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta mayar da ɓata suna laifi a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. A can gaskiya ita kaɗai ma ba ta wadatar ba, sai an nuna cewa faɗinta yana da amfani ga jama’a.

Wata shari’a da aka yanke a Babbar Kotun Ingila a farkon 2021 ta nuna yadda kalma ɗaya take juya al’amari. Wani mutum ya biya wani ofishin lauyoyi fam 200 don su ba shi shawara, bai gamsu da aikin ba, sai ya rubuta sharhi a intanet. Ya ce kuɗinsa ya tafi a banza, sannan ya kira su ’yan damfara. Kotu ta ɗauki kalmar damfara a matsayin tuhumar rashin gaskiya, abin da ko dai ya faru ko bai faru ba, don haka ba za a fake da cewa ra’ayi ne ba. Aka ci shi diyyar fam 25,000, ninki 125 na abin da ya biya tun farko. Da ya tsaya ga bayyana abin da ya nema, da abin da aka ba shi, da dalilin da ya sa yake ganin bai kai fam 200 ba, da ƙafarsa tana kan tudu.

Akwai layu biyu da muke ratayawa muna zaton za su kare mu. Na farko shi ne “a ganina”. Kotun Ƙolin Amurka ta yi magana a kan irinsa a 1990, a shari’ar Milkovich, wani mai horar da ’yan kokawa na makaranta da wani marubucin jarida ya nuna cewa ya yi ƙarya bayan ya yi rantsuwa. Kotun ta ce saka wa magana rigar ra’ayi ba ya cire tuhumar da ke cikinta, in dai mai karatu zai fahimci cewa akwai wani abu da marubucin ya sani wanda ake iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Amurka ƙasa ce da ta fi mu sakin baki, amma ko can hakan bai wuce ba. Da na rubuta “a ganina sukari take narkawa”, da tuhumar tana nan daram, sai dai na ƙara mata ladabi. Laya ta biyu ita ce “wai”. Bahaushe yana jin in ya ce “wai” ya sauke kaya ya ɗora wa wani. Doka ba ta san wannan ba: wanda ya maimaita maganar ɓata suna ana ɗaukarsa kamar shi ya ƙirƙire ta. Ke nan mutum arba’in ɗin da suka yaɗa rubutuna kowannensu ya ɗauki rabonsa na haɗarin, alhali ko robar ba su gani ba.

Sai dai tsoron kotu shi ne ƙaramin dalili. Tambayar da ta fi damuna ita ce: in da a ce zumar ta algus ce fa? Narkewarta a ruwan ɗumi bai wanke ta ba, domin zumar da aka haɗa da sukari ma za ta narke. Ban kai ta gwaji ba, mahaifiyata ta shanye ta kafin azumi. Mu ƙaddara gobe a kama wannan mata da buhunan sukari a ɗakin ajiyarta. Shin hakan zai mayar da rubutuna na daren nan daidai?

Na daɗe ina juya wannan, kuma amsar da na tsaya a kai ita ce a’a. Idan mutum ya ce abu kaza ya faru, ba bayani kawai ya bayar ba, ya ba da lamuni ne. Yana ce wa mai sauraro: ka dogara da ni, na sani. Waɗanda suka karanta rubutuna sun fasa sayen zumar ne saboda sun ɗauka na san abin da ba su sani ba, alhali abin da nake da shi hoton roba ne, wanda su ma suna kallo. Ko da maganar ta zo ta dace da gaskiya, na yi musu ƙarya game da kaina, domin na sayar musu da zato a farashin sani. Mai harbi cikin duhu da ya dace ya sami kura bai zama gwani ba, da akuya ce ta gifta ita zai samu. Ga kuma abin ban kunya: laifin da na tuhumi Hajiya da shi, wato haɗa abu mai araha da mai tsada a sayar da sunan mai tsadar, shi ne ainihin abin da na yi da kalmomi.

Malamanmu na addini sun daɗe da tsara wannan. Sun bambance giba, wato ambaton mutum da abin da yake ƙi alhali yana da shi, da ƙage, wato jingina masa abin da ba shi da shi. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, daga ciki akwai wanda aka zalunta ya kai kuka ga mai ikon share masa hawaye, da gargaɗin jama’a daga cuta. Sharhin mai saye na gaskiya yana samun mafaka a nan. Amma rangwamen na faɗin aibin da ka sani ne, gwargwadon buƙata, da nufin nasiha. Bai haɗa da aibin da ka hasaso ba. Hausawa kuma sun taƙaita batun da cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ina yaro na ɗauka wannan karin magana ya wuce gona da iri, sai da zuma ta fassara mini shi.

Yanzu dole in saurari mai ja da ni, domin yana da magana mai ƙarfi. Zai ce: wannan duk nasiha ce da ke yi wa mai ƙarfi daɗi. Talakan da ya sayi kaya ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da lauya. Mai algus kuwa a ɓoye yake yi, ba zai gayyaci kowa ya gan shi yana zubawa ba. Idan sai wanda ya gani da ido zai yi magana, to babu mai magana, macuta kuma su ci karensu babu babbaka. Zai kuma kawo misalin da duk Nijeriya ta sani.

A watan Satumba na 2023 wata ’yar kasuwa a Legas ta rubuta a Fesbuk cewa ta sayi tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco, ta ɗanɗana ta ji zaƙi ya yi yawa, ta tambayi mabiyanta ko su ma sun ji haka. Wani ya ce mata ta daina ɓata kayan ɗan’uwansa, ita kuma ta mayar masa da cewa ya gaya wa ɗan’uwan nasa ya daina kashe mutane da kayansa. Cikin kwanaki ’yan sanda suka kama ta a Legas suka kai ta Abuja. Aka tuhume ta a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015, kamfanin kuma ya shigar da ƙarar neman diyyar naira biliyan 5. A watan Mayu na 2024 ta musanta tuhumar a Babbar Kotun Tarayya, aka tsare ta na ’yan kwanaki kafin a ba da belinta.

Ba ni da hurumin yanke wannan shari’a, amma tana koyar da abu biyu, kuma kuskure ne a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Na farko, rubutunta na fari labari ne da ra’ayi tsantsa: na saya, na ɗanɗana, na ji zaƙi. Jimlar kisa daga baya ta zo, cikin zafin musayar magana, kuma irin wannan jimla ce take ba mai ƙara abin kamawa, ko da mai faɗarta zuguguntawa kawai ta yi niyya. Yawancin tuhume-tuhume haka suke fitowa, a amsa ta uku ko ta huɗu, bayan wani ya taɓa mana zuciya. Na biyu, ko da an ce jimlar ta wuce iyaka, ɗauko mace daga Legas zuwa Abuja a kan maganar tumatiri ya fi ƙarfin laifin nesa ba kusa ba. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa ’yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa wurinsa kotun diyya, inda za a auna magana da hujja, ba ofishin ’yan sanda ba. A nan ina tare da mai ja da ni: iya tsara jimla ba ya hana mai kuɗi ya wahalar da kai, kuma gyaran wannan yana wuyan masu yin doka.

Inda na rabu da shi shi ne zatonsa cewa tsayawa a kan abin da ka gani yana rage wa magana kaifi. Na gwada na ga akasin haka. Kalmar “macuta” ba ta gaya wa mai karatu komai sai cewa raina ya ɓaci. Ba zai iya auna ta ba, sai dai ya yarda da ni ko ya ƙi. Amma labari mai rana da farashi da hoto yana ba shi abin da zai yi hukunci da kansa. Da na rubuta abin da na gani kawai, da wani mai kiwon zuma a zauren ya ce mini sanyi ne, magana ta ƙare ba wanda ya yi asara. In kuwa da algus ɗin, da wasu mutum goma sun fito kowa da labarin robarsa, labarai goma masu kama da juna kuwa sun fi zagi ɗari nauyi, ko a idon jama’a ko a gaban alƙali. Zargin da ya rage a zuciya shi ma yana da ƙofarsa. Hukumar Nafdak tana da ɗakunan gwaji da ikon kwashe kaya daga kasuwa, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya. A can ana iya cewa “ina zargin an haɗa”, domin mai sauraron aikinsa ne ya bincika kafin ya yarda. Taron Fesbuk ba ya bincike, yaɗawa yake yi.

Sharaɗi ɗaya ya rage, wanda ba don shi ba da wannan hanya ta zama wata dabarar cin mutunci cikin wayo. Labarin dole ya zama cikakke. Ana iya jera gaskiya zalla a bar guda ɗaya, sai jerin ya haifi ƙarya a zuciyar mai karatu. Idan na ce zuma ta daskare na ɓoye cewa a ɗaki mai sanyi na ajiye ta, ko na ce tela ya ɓata mini ɗinki na ƙi faɗin cewa ya nemi in kawo ya gyara kyauta, na yi tuhuma ba tare da na furta ta ba. Kotu ma tana duba ma’anar da mai karatu zai ɗauka daga rubutu gaba ɗayansa, har da abin da aka faɗa a kaikaice.

Ga abin da ya kamata in rubuta a daren nan, kuma shi na rubuta bayan kwana uku, tare da goge na farkon da neman afuwa: “Na sayi lita ɗaya a wurinta a kan naira 9,000. Ta zo da kyau. Bayan mako uku a ɗaki mai sanyi rabinta ya daskare ya yi tsaki-tsaki. Na yi mata magana, ta ce in sa a ruwan ɗumi, na sa ta narke. Ban kai gwaji ba. Abin da na faɗa a baya cewa tana haɗa sukari ban gani ba, kuma ba ni da hujjarsa.” Mutum uku ne suka yaɗa wannan. Magana zarar bunu ce, na zare da hannu ɗaya, na kasa mayarwa da hannu biyu.

Na kira Hajiya na karanta mata. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ba mai jiki lafiya.” Na tambaye ta ko kantin ya karɓi kayan. Ta ce sun ce sai ƙura ta lafa. Katan biyun suna nan a ɗakinta har ƙarshen hunturun, kuma ta gaya mini tana dariya cewa su ma sun daskare.